Wa ke da kalmar Hausa ta "sufafozishin"? Ranar Alhamis zan naɗi darasin

Malamar Lantarki: Assalamu alaikum. Ina naɗar darussan lantarki da Hausa saboda ɗalibaina na kwalejin fasaha, kuma jibi Alhamis zan naɗi na sufafozishin. Nufina hanyar nan da ake bi idan da'ira tana da batir biyu ko fiye: a bar ɗaya a kashe sauran, a lissafa karan, wato wutar da ke gudana, a koma kan na gaba, a ƙarshe a haɗa. Na rubuta "ɗorawa" na goge, na rubuta "tarawa" na goge. Abin da ya fi damuna shi ne duk kalmar da na ɗauka kada ta sa yara su ɗauka komai ake haɗawa, don a jarrabawar bara fiye da rabin ajin sun haɗa wat ɗin ma, amsa ta lalace. A taimaka.

Ɗan Gusau: Ɗori. Gajere ne, kuma daidai da ma'anar kalmar ta asali, a ɗora wani kan wani.

Mai Gyaran Inbata: Ɗori kuma? Malam, da ka ce ɗori mutanenmu karaya za su tuna. Yaro zai zaci ƙafar rizisto ce ta karye.

Tsohon Injiniya: Malama, ni dai da karo-karo nake bayyana wa yaran da ke zuwa wurina. Kowane batir ya kawo nasa, a haɗa a ga abin da ya taru. Ga misalin da nake ba su, ki gani ko zai yi miki. Batir mai bolt 12 ta hannun hagu, da rizisto, abin da ke turje wa karan, mai om 6 a gabansa. Batir mai bolt 6 ta hannun dama, shi ma da om 6 a gabansa. Sun haɗu a tsakiya, daga nan rizisto mai om 3 ya sauka ƙasa inda gindin baturan biyu yake. Muna neman karan ɗin da ke bi ta om 3 ɗin nan.

Ki bar mai 12 shi kaɗai, ki sa waya a gurbin mai 6. Yanzu om 6 na dama da om 3 na tsakiya sun zama kafaɗa da kafaɗa, sun ba da om 2. Ki ƙara om 6 na hagu, om 8 ke nan. Batir ɗin zai tura am 1.5, tsakiya ta samu bolt 3, om 3 ɗinmu ya ɗauki am 1 cif. Sai ki juya, ki bar mai 6 ki sa waya a gurbin mai 12. Da'irar ba ta sauya fasali ba, bolt ɗin ne ya koma rabi, don haka am 0.5 za ki samu. Karo-karo: am 1 da am 0.5, am 1.5. Ki kunna su tare ki sa mita a tsakiya, bolt 4.5 za ki gani, wanda shi ne 1.5 sau 3.

Mai Gyaran Inbata: Baba Injiniya, tsaya. Waya a kan batir? Wallahi akwai ranar da sifana ta faɗo wa yarona kan kawunan batir mai am-awa 200 a shago, tartsatsin da ya tashi sai da maƙwabta suka leƙo, sifanar ta manne har ta yi ja. Kada Malama ta faɗi haka a bidiyo yara su je su ƙone gidan iyayensu.

Tsohon Injiniya: Ka yi gaskiya, amma ba haka na ce ba. A gurbinsa na ce. A cire batir ɗin gaba ɗaya, a haɗa wayoyin da ya bari. Galibi ma a takarda ake yi. Dalilin wayar shi ne batir da aka mai da bolt ɗinsa sifili abu ne da karan ke ratsawa ba tare da bolt ya faɗi ba, wato waya. Idan kuwa tushen wutar ba batir ba ne, mai ba da tsayayyen karan ne, mai da shi sifili na nufin babu abin da ke wucewa, sai a bar wurin a tsinke. A nan ne yara suke juya abin. In batir na gaske ne mai ɗan turjiya a cikinsa, turjiyar tana nan, ba a cire ta.

Malamar Lantarki: Na ɗauki wannan gargaɗin, zan ce "cirewa da cike gurbi", ba zan ce "kashewa" kawai ba. Karo-karo ya yi mini daɗi a baki. Amma Baba, ai shi ne ramin da nake gudu. A karo-karo duk abin da aka kawo ana haɗawa.

Tsohon Injiniya: To ki jefa su ramin da gangan, sannan ki ciro su. A misalin nan, wat ɗin da om 3 ke ci shi ne P = I²R, inda P wat ne, I karan, R kuma om ɗin rizisto. Mai 12 shi kaɗai ya ba da am 1, wat 3 ke nan. Mai 6 shi kaɗai ya ba da am 0.5, wat 0.75. Yaro zai haɗa ya rubuta 3.75 yana murna. Amma karan na gaskiya am 1.5 ne, 1.5 sau 1.5 ya ba da 2.25, sau 3 ya zama wat 6.75. Wat 3 cur sun ɓace masa. Ga inda suka ɓuya, in I1 karan ɗin mai 12 ne, I2 kuma na mai 6:

```
(I1 + I2)²R = I1²R + I2²R + 2·I1·I2·R
            = 3 + 0.75 + 3
```

Wannan gutsuren na ƙarshe ba na batir ɗin hagu ba ne, ba na dama ba ne, sai suna aiki tare yake samuwa. Duk wanda ya auna su ɗai-ɗai ba zai taɓa ganinsa ba. Karan da bolt suna bin tushe sawu da sawu, ka ninka batir su ninku. Wat kuwa in ka ninka batir sau huɗu yake tashi, shi ya sa ba ya shiga karo-karon. Wanda ya sayo rizisto mai jure wat 5 bisa lissafin 3.75 zai ji ƙauri.

Mai Kishin Harshe: Ina karantawa ina takaici. Ana neman kalmar Hausa guda ɗaya, amma an cika wuri da batir, karan, rizisto, wat, bolt. Wannan Hausa ce ko gwamutsa? Kuma karo-karo maganar biki ce da ta ƴan adashi, ba ta dace da ilimi ba. Na jima da ƙirƙiro "jibgau" daga jibga, kuma na ce a riƙa kiran karan "kwararau", rizisto "turjau". Da an bi shawarata tun farko da yanzu mun wuce nan. Larabawa sun ce tarakub, ba su ari ta kowa ba.

Mai Gyaran Inbata: Ranka ya daɗe, ka je kasuwar Sabon Gari ka ce a ba ka turjau guda goma. Zan biya kuɗin mota in ka dawo da su.

Mai Kishin Harshe: Ai irin wannan raini ne ya hana harshen ci gaba. Kowace kalma akwai ranar da aka fara jin ta. Wa ya san "na'ura mai ƙwaƙwalwa" kafin gidajen rediyo su yi ta maimaitawa?

Ɗan Gusau: Kuma har yau kwamfuta kowa ke cewa. Sannan na'ura ɗin ma daga Larabci aka aro ta, Malam.

Ɗan Damagaram: Ku kullum da zarar an ce Hausar ilimi sai a koma Kano da Kaduna. Mu nan da Faransanci muka koyi abin, kalmar ma kusan ɗaya ce sai lafazi, kuma masu gyaranmu "kuran" suke cewa, ba karan ba. In bidiyon har mu ake so mu kalla, a tuna da mu. Ni karo-karo na gane shi nan take. Jibgau kuwa na zaci sunan wani ƙato ne. Amma ina da ja a kan karo-karon: ba a taɓa yin karo-karo wani ya zo ya ɗebe ba. A nan kuwa in aka juya batir ɗaya, ragewa yake yi.

Tsohon Injiniya: Wannan ja ne mai ƙarfi, kuma ya ba Malama misali na biyu kyauta. Juya mai bolt 6 kansa ya koma ƙasa. Nasa ya zama am 0.5 ta kishiyar hanya, jimla am 0.5, wat kuma 0.75. Mai haɗa wat zai sake rubuta 3.75, domin ko karan ya juya, in aka ninka shi da kansa alamar ragewa ta tafi. Da'ira biyu daban, ɗaya 6.75 ɗaya 0.75, shi amsa guda ya ba su. Da wannan kaɗai yaro zai gane hanyar ba ta da kai.

Ɗalibin Injiniyanci: Don haka doka ita ce ba a taɓa haɗa wat, ko ta halin ƙaƙa. A saka shi da jan biro.

Tsohon Injiniya: A'a ɗana, sassauta biron. Idan tushe ɗaya batir ne ɗayan kuma wutar da ke kai da komo ce, ko duka biyun masu kai da komo ne amma ɗaya haz 50, wato sau 50 a daƙiƙa, ɗaya haz 150, gutsuren nan na 2·I1·I2·R yana hawa yana sauka, matsakaicinsa ya tashi sifili. A nan matsakaicin wat yana haɗuwa lafiya lau. Sai in saurin kai da komonsu ɗaya ne, ko duka batura ne, gutsuren ke tsayawa. Kuma tunda ka zo, hanyar gaba ɗayanta ba ta aiki in akwai dayod a da'irar, abin nan da ke barin karan ya bi hanya ɗaya kawai, ko ƙwan fitila mai zare wanda turjiyarsa ke ƙaruwa in ya yi zafi. Tushen da wani karan na cikin da'irar ke juya shi ma ba a cire shi, yana nan a kowane zagaye.

Malamar Lantarki: Maganar haz sai zangon gaba, yarana ba su kai can ba. Zan ce "a da'irar batura ba a karo-karon wat" in tsaya nan. Ga abin da na yanke, don lokaci ya ƙure: taken darasin "Ƙa'idar karo-karo", zan faɗi sufafozishin sau ɗaya a farko saboda shi za su gani a takardar jarrabawa. Abin da kowane batir ya kawo zan kira shi "kason batir", in kuma ce kaso yana iya zama na ƙari ko na ragi. Yaya na Damagaram, zan ambaci kuran.

Ɗan Damagaram: Kaso na ragi bai zauna mini ba, amma ba ni da wadda ta fi ta yanzu.

Mai Kishin Harshe: Ba zan hana ki ba, Malama, darasinki ne. Karo-karo dai ko ba komai Hausa ce, ta fi ɗori. Amma a rubuce-rubucena jibgau zan ci gaba da sawa, kuma maganar "wat" ba mu gama ba, don "ƙarfi" da kuke fakewa da shi kun ɗora masa bolt, kun ɗora masa wat, kun ɗora masa na tura mota.

Ɗan Gusau: Ka ga, kai ma ɗorawa ka ce har sau uku.

Mai Gyaran Inbata: Malama, in za ki gwada a gaban kyamara ki nemi rizisto mai wat 10 na tsakiyar, irin farin nan na siminti, kuma kada ki riƙe shi da hannu bayan minti biyu.