Jawabin godiya ga ma'aikatan gidan burodi: me za a faɗa, me za a bari?

Alhaji Bashir: Salamu alaikum jama'a. Ina neman shawara. Ranar Asabar 28 ga Disamba zan yi wa yaran gidan burodina walimar ƙarshen shekara, kuma dole in tashi in yi magana. Kun san yadda 2024 ta kasance. Fulawa da sukari sun yi tsalle, kuɗin wuta ya koma naira 225 duk yunit a watan Afrilu a layinmu, ga dokar hana fita a farkon Agusta, ga duhun nan na ɗaukewar wuta wajen kwana goma a ƙarshen Oktoba. Da su 23 ne, na sallami biyar a Satumba. Sauran 18 kuma har yanzu suna bina rabin albashin Oktoba. Me zan ce musu?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam Alhaji. Akwai wata mai girki a unguwarmu, shinkafarta ba a magana, kuma tana kawowa har waje. In turo maka lambarta?

Alhaji Bashir: Na gode Hajiya, an gama maganar abinci. Jawabin ne ya tsaya mini a wuya.

Auwalu Teloli: Ranka ya daɗe, ka fara da tarihin kamfani tun daga tanda ɗaya, sannan ka lissafa musu farashin buhun fulawa wata-wata, su san ba mugunta ka yi ba. A ƙarshe ka ce za ka ƙara albashi a Janairu. Za ka ji tafi.

Malam Idi: Alhaji, kafin jawabi, nawa ne bashin, nawa ka ware wa walimar?

Alhaji Bashir: Bashin dubu 450 ne, kusan dubu 25 kowane mutum. Walima dubu 600: ɗakin taro 250, abinci da lemo 350.

Malam Idi: To ga jawabinka nan a cikin lissafin. Na yi shekara 19 ina kula da ma'aikata a wata masana'anta a Sharaɗa, na zauna a irin wannan walima ba sau ɗaya ba. Mutumin da yake binka dubu 25, in ya ga kujeru masu riga da fitilu, ba ya jin abin da kake faɗa. Lissafi yake yi a zuciyarsa. Ka fasa ɗakin taron, a share harabar gidan burodin a shimfiɗa tabarmi. Ka rage abinci zuwa dubu 150, shinkafa da kaza da zoɓo za su wadatar. Ka ga dubu 450 ta fito. Ka biya su ranar Alhamis ko Juma'a, kada ka bari sai daren. In ka raba a wurin cin abinci, haƙƙinsu ya koma kamar kyauta, har ma sai sun yi maka godiya a kan guminsu. Ka san hadisin da ya ce a ba ɗan ƙodago ladansa kafin guminsa ya bushe.

Auwalu Teloli: Wannan gaskiya ne. Amma maganar farashin fulawa fa? Ai ya kamata su sani.

Malam Idi: Auwalu, su suke sauke buhunan daga mota, sun fi ka sanin farashin. Jimla biyu ta isa a kan wahalar shekara. In ya wuce haka ya zama mai gida yana kai kukansa wurin waɗanda suka fi shi jin jiki. Tarihin tanda ɗaya kuwa sun ji shi bara.

Hajiya Binta: Ni kan alkawarin ƙarin albashi zan yi magana, don ya taɓa cina. Ƙarshen 2023 na tara 'yan matan shagon ɗinkina, daɗi ya ɗebe ni na ce kowa zai ga canji a sabuwar shekara. Janairu ta zo, kuɗin yadi da zare ya ƙara tashi, ban iya ba. Ba wadda ta ce mini uffan. Sai kafin azumi biyu mafi iya aiki suka tafi, daidai lokacin ɗinkin sallah. Daga baya ɗaya ta gaya wa ƙanwata ba kuɗin ne ya ɓata mata rai ba, na faɗa a gaban mutane ne na yi shiru. Alhaji, abin da ba ya cikin aljihunka kada ya fito daga bakinka.

Alhaji Bashir: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Malam, in na cire tarihi, na cire farashi, na cire alkawari, me ya rage?

Malam Idi: Abin da suka yi. Gaya mini abu ɗaya da ya faru a kwanakin duhun nan.

Alhaji Bashir: Dare na uku janareto ya tsaya ana tsakiyar kwaɓi, kuma an riga an zuba yis. In an jira bakanike kwaɓin zai kumbura ya wuce, ya yi tsami, asarar buhu shida ke nan. Mutum huɗu suka juye shi a kan teburi suka murza da hannu da hasken waya har asuba. Direba kuma ya fita da shi ƙarfe shida kamar kullum.

Malam Idi: To shi ke nan. Ka yi sallama da godiya ga Allah, ka ce shekara ta yi nauyi kowa ya sani. Sai ka ce: albashinku ya makara, laifin yana wuyana, na biya, ina neman afuwa. Kada ka sa "amma" a bayansa. Sannan ka ba da labarin daren nan yadda ka ba mu, da buhu shidan da hasken wayar. Ka nemo irinsa ɗaya na masu yanka da sa leda, ɗaya na masu kai kaya. Ka rufe da abu ɗaya tak da kake da ikon cikawa, misali ranar da za a riƙa biyan albashi, sai addu'a. Minti biyar. Ka rubuta kanun a bayan kati, kada ka karanta takarda. Kuma ka yi bayan an ci abinci, kafin masu aikin dare su fara duba agogo.

Hajiya Binta: Ambaton suna ne ban yarda da shi ba. Ka kira huɗu, sha huɗu su koma gida suna cewa mu ba mu yi komai ba ke nan.

Malam Idi: Mutum 18 ne kawai Hajiya, kowa zai samu layinsa, har maigadi da mai share tanda. Wanda aka manta shi ne matsala, shi ya sa na ce ya rubuta.

Hajiya Binta: In an yabi kowa ai ba a yabi kowa ba. Ni dai da sashe-sashe zan kira.

Grace: Baba Alhaji, in akwai Kirista a cikinsu ka duba ranar. Yawancinmu muna gida Kirsimeti, ba ma dawowa sai bayan sabuwar shekara.

Alhaji Bashir: Kai, kin tuna mini, 'yata. Biyu suna tafiya Kafanchan ranar 23. Zan dawo da ita Asabar 21. Saura mutum biyar ɗin da na sallama. In ambace su?

Auwalu Teloli: Kada ka tayar da zancen, za ka ɓata daren.

Malam Idi: Ɗaya ba ƙanin mai kwaɓinka ba ne? Ko ka yi shiru suna nan a zuciyar kowa. Ni zan ce an rabu ba don laifi ba, kuma in aiki ya buɗe su za a fara nema, amma fa sai in da gaske kake.

Maman Ilham: Me zai hana a gayyace su su ci abincin?

Hajiya Binta: Mutum ba shi da aiki wata uku, ka kira shi ya zauna yana kallon ana gode wa wasu? Gara a aika masa da nasa gida.

Alhaji Bashir: Wannan sai na tambayi yayan nasa tukuna. Malam, zan rubuta kanun yau da dare in turo maka ka duba.