"Gyara min wannan": me kuke tambaya kafin ku taɓa takardar?

Maman Hanif, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin sakatariya a wani ofis a nan Kaduna. Ogana ya turo min rahoto mai shafi 14 ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasansa "gyara wannan", ya shige mitin. Na buɗe na ga akwai kurakuran rubutu, kanun sassan ba iri ɗaya ba ne, kuma wasu sakin layin sun yi tsawo sosai. Ban san wanne ne ya dame shi ba. Ina tsoron in taɓa abin da bai so a taɓa ba, ina kuma jin nauyin in yi ta damunsa da tambaya. Don Allah wanda irin wannan ta taɓa faruwa da shi ya faɗa min yadda ya yi.

Abba Rigasa:
Wa alaikumus salam Anti. In takardar ba ta buɗewa ne, ki ce ya sake turowa a matsayin Document, ba hoto ba. Ni ma haka aka taɓa turo min, sai da aka sake turowa sannan ta buɗe.

Maman Hanif:
Na gode Abba, tana buɗewa lafiya lau. Abin da ake so in yi mata ne ban sani ba.

Baba Mai Taifin, Tudun Wada:
'Yata, tun zamanin tafireta nake wannan aiki, shagona yana kusa da Poly, kuma kusan kullum sai wani ya ajiye min takarda ya ce in gyara. Bari in ba ki labarin guda ɗaya.

Sakataren wata ƙungiyar unguwa ya kawo min wasiƙar neman taimakon haƙa rijiyar burtsatse, shafi huɗu, za su kai wa wata gidauniya. Ya ce in gyara, zai dawo bayan la'asar. A shafi na uku akwai tebur: haƙa N1,800,000, tanki da ƙarafan ɗora shi N650,000, famfo mai amfani da sola N900,000, aikin hannu N250,000. In kin haɗa za ki samu N3,600,000, kuma haka aka rubuta a ƙasan teburin. Amma a shafin farko wasiƙar ta ce suna neman naira miliyan uku da dubu ɗari uku da hamsin. Yaron shagona ya ce ai kuskure ne, a mayar da na farkon ya dace da tebur. Na ce ya dakata. Bambancin da ke tsakani N250,000 ne cif, daidai kuɗin aikin hannu. Idan bambanci ya faɗo daidai da layi guda a tebur, ba kasafai yake zama zamewar yatsa ba, akwai dalili a bayansa.

Na kira sakataren na ce: "Malam, kuɗin aikin hannu yana cikin abin da kuke roƙo, ko ku za ku ɗauki nauyinsa?" Ya ce matasan unguwa ne za su yi aikin kyauta, gudummawarsu ke nan. Kin ga duka lambobin biyu daidai suke. Abin da takardar ta rasa shi ne layi ɗaya da zai nuna cewa jimillar aikin N3,600,000 ce, unguwa ta ɗauki N250,000, ana neman N3,350,000. Da mun daidaita su da kanmu, da mun sa ƙungiyar ta roƙi kuɗin da ba ta yi niyya ba, mun kuma goge abin da ya fi ƙarfafa roƙon nasu, wato su ma sun sa hannu.

Da na ƙara tambayarsa abin da shi ya gani har ya ce a gyara, sai ya ce teburin ne ya tsallaka shafi biyu, bai yi kyau ba. Shi bai ma lura da lambobin ba.

Shi ya sa tambayata ta farko a kullum ita ce: me ka gani a ciki da bai yi maka ba? Ta biyu: wa za a kai wa? Ta uku: in tsaya a kan kuskuren rubutu da tsarin shafi, ko ka yarda in sauya jimloli? Lambobi, sunaye da kwanan wata kuwa ba na sauya su ko an ba ni dama. Alama nake sawa in tambaya.

Ɗan Kawo:
Baba, da girmamawa, amma yanzu ba sai an yi wannan dogon zance ba. Anti ki buɗe takardar a Word, ki shiga Review ki kunna Track Changes, ko ki danna Ctrl+Shift+E. Duk abin da kika goge ko kika ƙara zai fito da launi. Ki gyara komai yadda kika ga ya dace ki tura masa, wanda ya so ya danna Accept, wanda bai so ba ya danna Reject. Ni haka nake yi wa maigidana, ba na tambayarsa komai.

Hajiya Malali:
Ɗan Kawo, shawararka tana da amfani, amma ni ina cikin masu tura irin wannan saƙon, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake daga ɓangarenmu. Ina shugabantar makaranta mai zaman kanta. Na ba wani malami wasiƙar da za mu aika wa iyaye kan ƙarin kuɗin makaranta, ya dawo min da ita duk ta yi ja, gyara a kusan kowane layi. A waya na buɗe, ina cikin mota a kan Ahmadu Bello Way, ba zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Wanda ba shi da lokacin rubuta maka abin da yake so, ba shi da lokacin tantance gyara hamsin. Ko dai ya karɓe su duka bai karanta ba, ko ya watsar da su duka.

Kuma abin da ke raina guda ne, wasiƙar ta yi kaushi, ina so a sassauta harshenta don kada iyaye su ji kamar umarni ake ba su. Shi kuwa ya gyara waƙafi da aya, ya bar kaushin yana nan.

Maman Hanif, ba ma jin haushin tambaya in ta zo a gajarce. Wadda ke gajiyar da mu ita ce "ranki ya daɗe me zan gyara?", don ta dawo mana da aikin gaba ɗaya. Ki karanta takardar tukuna, sannan ki tura abin da zai iya amsawa da kalma ɗaya. Misali: "Ranka ya daɗe, na duba. Zan gyara kurakuran rubutu in daidaita kanu, ba zan taɓa lambobi da ma'ana ba. Shafi na 5 zuwa na 8 sun yi tsawo, in rage ko in bari? Kuma ƙarfe nawa ake buƙata?" Wannan ko a cikin mitin yake zai iya amsawa.

Ɗan Kawo:
Na ji Hajiya. Amma dai a kunna Track Changes ɗin ko da an yi tambayar, don in rigima ta tashi a ga wanda ya sauya me.

Baba Mai Taifin:
Wannan kam gaskiya ne ɗana, a kunna. Sai dai a kula da abu guda. Wasu suna zaɓar No Markup, jan ya ɓace daga allo, su ɗauka gyaran ya zauna. Bai zauna ba, ɓoye shi kawai aka yi. In aka tura fayil ɗin haka ga mutanen waje, suna buɗewa za su iya ganin duk abin da aka goge, har da tsohon farashi. Sai an danna Accept All Changes sannan yake tafiya. Ni ina ajiye ta asali ban taɓa ta ba, in yi aiki a kan kwafi mai wani suna, in tura biyu: mai jan gyara da mai tsabta.

Ummi, Barnawa:
Ni tawa daban ce. Ina rubuta furojet, malamin da ke duba ni ya rubuta a saman babi na biyu da jan biro cewa in gyara, bai sa alama a ko'ina ba. Na je ofishinsa na tambaya, ya ce in je in karanta zan gani. Wata da ta gama a hannunsa ta ce min yawanci yana nufin sunayen marubutan da aka ambata a cikin babi ba su dace da jerin littattafan da ke ƙarshe ba. Na bi su ɗaya ɗaya na samu wasu babu su a jerin, na cike. Na mayar, ya karɓa bai ce komai ba. Har yau ban san ko abin da yake nufi ke nan ba, ko gajiya ya yi. To in mutum ya ƙi amsawa fa, Hajiya?

Hajiya Malali:
Ummi, wannan da wuya. Abin da zan ce kawai, ki yi mafi ƙarancin gyaran da ba zai cutar ba, ki rubuta a 'yar takarda abin da kika yi ki haɗa da babin. Ko bai yi magana ba, ya san inda kika taɓa da inda ba ki taɓa ba. Amma ba zan ce miki hakan yana warware matsalar malamin da ba ya son bayani ba.

Malam Na Kakuri:
Ku ƙara tambaya ɗaya: wannan ce ta ƙarshe? An taɓa turo min takardar taron ƙungiyarmu, na yini ina gyara, ashe shugaba ya riga ya sauya rabinta a kwamfutarsa, tsohuwa ya turo daga waya. Sai da wani ya nuna min Compare a ƙarƙashin Review muka haɗa biyun muka ga bambancin. Kuma in takardar Hausa ce a tambaya ko ana son ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa. Na taɓa sa su duka, aka buɗe a wata kwamfutar da ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi, suka sauya kama, wasu suka zama akwatuna. Tun daga nan nake haɗawa da PDF in za a kai wurin bugawa.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri. Na tura masa saƙo irin wanda Hajiya ta tsara, na ƙara da tambayar Malam. Ya amsa cewa ita ce ta ƙarshe, gobe da ƙarfe goma za a kai wa hukumar gudanarwa, kuma kada in rage komai, shafin farko kawai yake so ya zama taƙaitaccen bayani. Maganar kanu bai ce komai ba. Na kuma ga wata shekara a shafi na 9 an rubuta 2023, alhali a sauran wurare 2024 ce. Baba, in sa alamar a cikin takardar ne, ko in faɗa masa a saƙo?

Baba Mai Taifin:
Ki yi duka biyun 'yata. Ki sa New Comment a kan shekarar, sannan ki rubuta masa a saƙo cewa shafi na 9 akwai shekarar da ba ta dace da saura ba, wacce ce daidai. In a waya ya buɗe ba lalle ya ga na cikin takardar ba. Kanun kuma ki daidaita su, tunda kin faɗa masa za ki yi bai hana ba. In ya amsa, ki tuna ki goge alamar kafin a buga.