Yaya zan gyara hirar Baba ba tare da muryarsa ta ɓace ba?

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu shirya shirin rediyo, ina neman shawararku.

Na naɗi hira da wani dattijo marini a Ƙofar Mata, Kano, na kwafe ta a rubuce kalma bayan kalma. Hirar ta kusa awa guda, ni kuwa minti 10 aka ba ni, kuma wani ne zai karanta. Baba yakan fara bayanin yadda ake haɗa ganyen baba da toka a karofi, wato wurin rini, sai ya karkata ga labarin mahaifinsa, sai can gaba ya dawo kan rinin.

Na cire "to", "ka gane ko" da maimaici, na tattara zancen rini wuri guda. Ya tsaru, amma da aka karanta da ƙarfi sai ya zama kamar labaran duniya. Inda ya ce "ruwan nan sai ya kwana, ya kwana, ya sake kwana", na mayar "ruwan yakan yi kwanaki". Ma'anar tana nan, amma haƙurin da ke cikin maganar ya tafi, abin kuma yana damuna ƙwarai.

Ta yaya kuke bambance maimaicin da ke ɗauke da nauyi da wanda neman kalma ne kawai? Sannan idan na ɗauko jimla daga ƙarshen hira na kai ta farko, na ƙara kalmar haɗi da bai furta ba, har yanzu maganarsa ce? Ko in koma in karanta masa ya amince tukuna?