Kuɗin sari da kuɗin ɗai-ɗai: wa kuke ba wane?

Mai butik, Garin Malam: Salamu alaikum ƴan kasuwa. Ina sayar da sabulu, taliya, sukari da madara. Kaye biyu gare ni, ɗaya na kuɗin sari, ɗaya na ɗai-ɗai. Mai sayen kwali goma da mai sayen guda ɗaya ba su da rikici. Na tsakiya ne ke ba ni wuya: mai tebur da ke ɗaukar sabulu shida kullum, da matar da za ta aurar da ɗiya ta zo neman kwali guda. Ku da kuka riga ni, yaya kuke yi?

Ɗan Matamai: Yawa kawai nake dubawa. Kwali cikakke sari ne, abin da bai kai kwali ba ɗai-ɗai ne, ko waye ya zo. Yarona ma ya haddace, ba mai yi masa gardama.

Alhaji, Kasuwar Dole: Wa alaikumus salam. Ɗan Matamai, tsarinka yana da sauƙi, amma zai kore maka masu tebur, kuma su ne cinikin kullum. Ƙanena, bari in yi maka lissafi da sabulu, a matsayin misali. A ce kwali mai guda 48 ka saro shi 9.000 sefa, kuɗin mota da ɗan dako suka ci 600. Ya tsaya maka 9.600, wato guda 200. Daga wannan 200 ɗin ake gina kaye biyun duka, ba daga kuɗin saye ba. Ɗai-ɗai 250, kwalin ya ba ka 12.000, amma sai ya kwana biyu a kanta, wani ya fashe, wani yaro ya ɗauka. Sari 10.300, riba 700 kacal, sai dai kuɗinka ya dawo yau ka sake sarowa.

Mai tebur kuwa, ni a cikin kayen sari na buɗe masa layi na dozin: 2.700, guda ya kama 225. In ya sayar 250 ya ci 300 a dozin. In ka ba shi 250, shi kuma nawa zai sayar? Gobe ba za ka gan shi ba. Kuma ka lura, dozin huɗu 10.800 ne, ya fi kwali tsada. Dole haka ya kasance. Duk ranar da ka ga mai sayen kwali ya koma yana cewa a ba shi dozin-dozin, to layukanka sun harɗe.

Hajiya mai atamfa, Birni: Ni dai ban yarda da rubuta kuɗi ba. Ciniki ai baki ne. Mace ta taya, in ce albarka, ta ƙara, mu daidaita. Wadda muka saba na rage mata, shi ke nan.

Alhaji: Hajiya, ragin sabo daban, kuɗin sari daban. Atamfa tana da sararin tayi. Sabulu kuwa dala biyar ce tsakanin dozin da ɗai-ɗai, ba inda za a taya.

Mai tebur, Zango: Ni nawa ne ya shafa. Ba ni da jarin dozin a kowane kaya. Shida nake ɗauka da safe, wani lokaci in dawo da la'asar in ƙara shida. Wani mai shago yana lissafa min su ɗai-ɗai, alhali a yini dozin na saya. Na bar shi. Wanda nake wurinsa yanzu ya rubuta sunana cikin masu sari, ko shida na ɗauka 225 ne. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne in ga maƙwabcina, wanda ni zan sayar wa, ya sayi uku a kuɗin da aka ba ni.

Alhaji: Gaskiyarka. Shi ya sa kayen ɗai-ɗai nake liƙawa a fili, na sari yana cikin aljihun tebur da sunayen masu shi a bangon baya. Kuma mai zuwa daga Mirya ko Magarya ran Alhamis ya ɗauki kaya bashi sai wata Alhamis, ba na ba shi 10.300. Nasa 10.500 ne, don kuɗina ya kwana bakwai a hannunsa. Wani abu kuma, kayan Kano suna bin canjin naira. In sabon kaya ya zo da sabon kuɗi, a gyara kaye biyun a zama ɗaya, a sa kwanan wata a sama. Ribar sari siririya ce, kwali ya tashi da 800 kana kan tsohon kuɗi ka riga ka shiga uwar kuɗi.

Mai butik: Na gode Alhaji. To mai aurar da ɗiya fa?

Ɗan Matamai: Kwali ta saya, sari ne.

Alhaji: Ni kuɗin dozin huɗu nake ba ta, 10.800. Ba sayarwa za ta yi ba, kuma sau ɗaya za ta zo.

Ɗan Matamai: Alhaji, da girmanka, in ta zagaya layi na gaba aka ba ta 10.300, ka rasa ta, ka rasa danginta.

Hajiya: Mai aurar da ɗiya ai ko atamfa ce sai na rage mata.