Fassara ta dawo daidai, shi ke nan an gama?

Ɗaliba: Mun fassara PHQ-9, takardar tambayoyi tara ta gano cutar damuwa, daga Turanci zuwa Hausa, wani da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da ita Turanci, ta dawo kusan kalma da kalma. Ni a ganina ta inganta, gobe sai mu fara tambayar marasa lafiya. Akwai mai ja?

Likitan ƙwaƙwalwa: Ina ja, ƙanwata. Dawowa kalma da kalma ɗin ma ita ta fi ba ni tsoro. Tambaya ta 2 tana da kalmar da a zahiri take nufin "ƙasa". Rubuta "jin kanki a ƙasa", mai mayarwa zai dawo da ita tsaf, amma wadda ake tambaya za ta zaci ƙasƙanci ake nufi. "Ƙuncin zuciya" ba zai dawo daidai ba, kuma shi ya fi kusa da manufar.

Tafinta: Dakta, kada a rage mana daraja. In masu fassara biyu suka yi, biyu suka mayar, kwamiti ya zauna, irin wannan ba ya tsallakewa.

Likitan ƙwaƙwalwa: Yana raguwa, Malam, amma 'yan kwamiti duk masu jin harshe biyu ne. Shi ya sa ƙa'idar fassara ta Beaton da abokan aikinta ta 2000 ta ƙara gwaji da mutum 30 zuwa 40. A karanta wa mutum tambayar, a ce: faɗa mini da bakinka me na tambaye ka.

Malamar jinya: Ni tambaya ta 7 ce ta wahalar da ni, mai zancen wahalar tattara hankali wajen karanta jarida ko kallon talabijin. Wata dattijuwa ta ce "ba na karatu", abokin aikina ya ba ta sifili, wato ba ta da matsalar. Da na tambaye ta ko hankalinta kan tafi ana tsakiyar hira, ta ce kullum.

Mai lissafi: Ku daina wahala. In alfa ta Cronbach, ma'aunin daidaituwar tambayoyi, ta haura 0.7, magana ta ƙare.

Likitan ƙwaƙwalwa: Alfa na nuna tambayoyin suna tafiya tare ne, ba ta faɗi abin da suke aunawa ba. Sai ƙwararren da bai ga makin ba ya zauna da mutanen. A ce ya gano 30 masu cutar, takardarku ta kama 21 da makin yanke hukunci 10 cikin 27: kashi 70 ke nan, tara sun kuɓuce. A nazarin asali na 2001 kashi 88 ta kama. Ku sauko maki 8 ku ƙara kamawa, amma lafiyayyu ma za su shiga.

Mai lissafi: In kowa ya sauya makin yanke hukunci da misalan tambaya, da wa za mu kwatanta sakamakonmu?

Ɗaliba: Na ɗage zuwa bayan gwaji. Amma tambaya ta 9, ta tunanin mutuwa, masu tambayarmu biyu sun ce bakinsu ba zai iya furta ta ba. A sassauta ta?

Malamar jinya: Sassauta shigarwar, kada ki taɓa ma'anar. Kuma tun kafin ku fara, ku san wurin wa za a kai wanda ya ce e.