Wace kalma za ta maye gurbin "kwanzabeshan" a darasin Piaget?

Mai fassara: Malamai, ina fassara darasi a kan matakai huɗu na bunƙasar tunanin yaro da Jean Piaget ya tsara, kuma kalmar Ingilishi "kwanzabeshan" ta tsayar da ni. Tana bayyana abin da ke raba yaron mataki na biyu, ɗan shekara 2 zuwa 7, da yaron mataki na uku, ɗan shekara 7 zuwa 11. Na rubuta "kiyayewa", amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba.

Malamin aikin gona: Mu "kiyayewa" ko "alkintawa" muke cewa idan ana maganar gandun daji da ruwa. Ina ganin idan manufar ita ce a koya wa yara tattalin kayan aji, "alkintawa" ta wadatar.

Malamar kwalejin ilimi: Malam, kalmar ɗaya ce amma a nan ma'anarta daban, domin yaron ba ya adana komai. Ana zuba ruwa daidai wa daida a kofuna biyu iri ɗaya, har yaro ya yarda babu wanda ya fi, sannan a juye ɗaya cikin kwalba siririya doguwa a gaban idonsa. Ɗan shekara biyar yakan ce na kwalbar ya fi yawa, saboda tsayin ruwan kaɗai ya kalla, ya manta da faɗi. Wanda ya haye wannan mataki zai ce duk ɗaya ne, kuma hujjarsa ce abin saurare: ko ya ce ba a ƙara ba kuma ba a rage ba, ko ya ce in aka mayar da shi kofin zai koma yadda yake. Saboda haka kalmar da muke nema dole ta nuna ganewa cewa yawan abu yana nan ko da siffarsa ta sauya.

Mai fassara: To, ko "dawwamar adadi" za ta yi?

Malamar kwalejin ilimi: Ina da ja a kan duka ɓangarorin. "Dawwama" tana kai hankalin Bahaushe ga abin da ba ya ƙarewa har abada, shi kuwa "adadi" na abin da ake ƙirgawa ne, ba a cewa adadin kunu. Ni "gane ɗorewar yawa" nake faɗa wa ɗalibaina.

Malamin aji ɗaya: Hajiya, ni abin da na gani a aji zan kawo. Na jera marafen kwalba bakwai a sama, bakwai a ƙasa, wata yarinya ta ƙirga ta ce daidai suke. Da na baza layin ƙasa ya yi tsawo, sai ta ce shi ya fi yawa, alhali yanzun nan ta ƙirga da bakinta. Ita ce kuma take rera biyar a tara da uku takwas ne ba tare da gargada ba, amma in na rubuta uku a tara da biyar sai ta ɗauke shi sabon lissafi. Tun daga ranar na janye ta daga lissafin allo, na ba ta marafe takwas ta riƙa raba su gida biyu, tana haɗewa tana sake ƙirgawa. Ra'ayina shi ne duk wanda bai cika bakwai ba kada a ɗora masa lissafi.

Malamar kwalejin ilimi: Aikin marafen ya dace, amma hukuncin shekaru ya yi tsauri, domin shekarun ƙiyasi ne, kuma yadda aka yi tambayar yana sauya amsa. Yaron da babba ya maimaita masa tambaya yakan zaci amsarsa ta farko ce ba daidai ba, sai ya canza, balle yaranmu da aka hora da rashin musu da manya. Wata mai bincike, Patricia Greenfield, ta gwada yaran ƙabilar Wolof a Senegal a shekarun 1960, ta ga cewa waɗanda ba su shiga makaranta ba sun fi ba da amsa daidai idan su suka juye ruwan da hannunsu. Malam, ka sake gwada yarinyar, ita ta baza marafen da kanta.

Malamin aikin gona: Yanzu na fahimta, na janye tawa. Sai dai idan aka mulmula yumɓu aka mayar da shi siriri, aka tambayi yaro wanne ya fi nauyi, shin "yawa" ta ɗauki wannan?

Malamar kwalejin ilimi: Ba ta ɗauka ba, kuma gane nauyi yakan makara har wajen shekara 9 ko 10, bayan yaro ya daɗe da gane na ƙirga. Ana iya cewa "ɗorewar nauyi" a wurin.

Mai fassara: Zan yi amfani da "ɗorewar yawa" da "ɗorewar nauyi" a cikin darasin. Kan babin ne har yanzu ba ni da sunan da zai haɗa su, domin "ɗorewa" ita kaɗai tana kama da maganar ingancin takalmi.