Ƙanena ya daina hira da ni, daga "eh" sai "a'a"

Yayar Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ne, autanmu. Ni na raine shi tun rasuwar mahaifiyarmu, ni na goya shi, har aurena na jinkirta saboda shi. Wata huɗu ke nan da shigarsa jami'a. Ga hirarmu ta jiya a waya: "Kana lafiya?" "Eh." "Ka shiga aji yau?" "Eh." "Akwai matsala?" "A'a." Shi ke nan. Tun abin da ya faru lokacin hutu haka yake. Ko barci ba na iya yi. Ya zan yi?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ki sake duba tambayoyinki. Duk ukun ke kika kawo maganar, shi aikinsa kawai ya amince ko ya musanta. Da ya ce "eh" ya sauke nauyi, magana ta dawo kanki, sai ki lalubo wata tambayar. In aka jera irin wannan sau uku, yaro ji yake ana tuhumarsa. Shekara 30 na yi ina koyarwa: in na ce "kun gane?" duk aji sai su ce eh. In na ce "wane wuri ne ya fi rikita ku?" sai hannuwa su tashi. Maimakon "ka shiga aji?" ki ce "wane darasi ne ya fi ba ka wuya a makon nan, me ya sa yake da wuya?" Wannan ba ta amsuwa da kalma ɗaya, kuma amsar a wurinsa kaɗai take.

Maman Biyu: Hmm, Malam, ba kowa ba. Maigidana kullum sai na ce "yaya aiki?" ya ce "alhamdulillah", ya ɗau wayarsa. Shekara tara muna haka. Ranar da na yi ƙorafi cewa ya yi na cika mita. Wanda ba ya son magana ba ya so kawai.

Tsohon Malami: Hajiya, "yaya aiki" ai gaisuwa ce, amsarta a shirye take tun kafin ki rufe baki. Haka "yaya karatu". Sai an matse tambayar ta sauka kan abu guda: "yaya kuka ƙare da mutumin nan da ya ɓata maka rai jiya?" Su ma "ina", "yaushe" da "nawa" kalma ɗaya ke kashe su. "Yaushe jarrabawa?" "Litinin." An gama.

Ɗan Baba: Anti, kuɗi yake so, kunya ce ta hana shi faɗa. Ki tura masa wani abu ki ga yadda bakinsa zai buɗe.

Yayar Auta: Ba kuɗi ba ne, ban taɓa bari ya nema ba. Malam, na gwada irin taka ai. Na ce masa "me ya sa ba ka kirana?" Ya ce "ba komai." Ni ba baƙuwarsa ba ce da zan zauna ina tsara yadda zan yi masa magana.

Anti Nas: Yaya, wannan "me ya sa" ɗin zargi ne a cikin rigar tambaya, dole ya kare kansa. Ni a asibiti nake aiki. Akwai binciken da aka yi a Amurka a 1984, aka ga likitoci na katse marar lafiya bayan kamar daƙiƙa 18 da fara bayaninsa, galibi da gajerun tambayoyi. Mu ma in na ce "kanki na ciwo?" eh zan samu. In na ce "faɗa min yadda abin ya fara", na yi shiru, a nan nake jin abin da ban san zan tambaya ba. Amma ban yarda a watsar da gajeriyar tambaya ba. Mutumin da ya ƙulle kansa, babbar tambaya nauyi take masa. Ki fara da ƙarama: "abokin ɗakinka yana nan?" In ya ce eh, ki ɗora: "wane irin mutum ne?"

Tsohon Malami: A'a, in ta fara da ƙarama za ta koma gidan jiya. Ta ba shi labarin kanta tukuna, layi biyu, sannan tambaya ɗaya tak, ta jira ko zai kai gobe. Duk kalmar da ya furta, daga cikinta za ta ciro tambaya ta gaba. In ya ce "lissafi ne", kada ta tsallaka zuwa "kana barci da wuri?" Ta ce "me malamin yake yi da ba ka ganewa?"

Anti Nas: To amma Yaya, me ya faru lokacin hutun? In fushi yake, gyaran tambaya kaɗai ba zai isa ba.

Yayar Auta: Wannan maganar gida ce, kuma don amfaninsa na yi. Yanzu na tura masa "wane darasi ne ya fi ba ka wuya?" Ya karanta, ya fara rubutu, ya tsaya. Minti goma ke nan. In kira shi?

Tsohon Malami: Kada ki kira.

Maman Biyu: Ki kira shi, 'yar uwa. Ni shirun da na yi ne ya kai ni inda nake.